Kotu ko tahkimi: yadda ɗan kasuwar Maraɗi zai zaɓa, ya karɓi kuɗinsa, ya kare hukuncin da ya samu

Wanda ya zaɓi tahkimi, abin da lauyoyi ke kira arbitiraj, ya sayar da abu ɗaya ya sayi biyu. Ya sayar da damar ɗaukaka ƙara. Ya sayi gajeren lokaci, da hukuncin da zai iya tsallake iyaka da shi. Da yawa daga ƴan kasuwa suna sa hannu a kwantaragi mai sharaɗin tahkimi ba su san da wannan cinikin ba, sai ranar da hukunci ya fito ba yadda suke so ba.

Tahkimi ba sulhu ba ne. A sulhu, dattawan kasuwa ko wani mai faɗa a ji suna kusanto da mutum biyu, kuma babu abin da ya hau kan kowa sai ya yarda. A tahkimi kuwa ɓangarorin ne ke naɗa wanda zai yanke musu hukunci, kuma idan ya yanke ya zauna, ko an so ko an ƙi. A Nijar dokar da ke tafiyar da shi ta OHADA ce, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka mai ƙasashe 17: an fara kafa dokar a Wagadugu a 1999, aka sabunta ta a Konakiri ranar 23 ga Nuwamba 2017, sabuwar ta fara aiki a Maris 2018. Tana hawa kan duk tahkimin da mazauninsa yake cikin ɗaya daga ƙasashen ƙungiyar. Nijeriya ba ta ciki, kuma wannan zai dawo mana a gaba.

Ga misalin da za mu bi. Wani Alhaji mai mangaza a Maraɗi ya sayar wa wani kamfanin Kano buhun aya 2,000, kowane buhu sefa jika talatin, jimla miliyan 60. An ba shi miliyan 20 kafin alƙalami. Kaya sun bi ta Ɗan Isa sun isa lafiya. Bayan kwana 45 kamfanin ya aiko cewa buhu 500 da yashi da danshi a ciki, ba zai biya sauran miliyan 40 ba. Kamfanin yana da asusu a wani banki a Maraɗi, amma yawancin dukiyarsa tana Kano.

Kafin a zaɓa

Kotu tana da abubuwan da tahkimi ba shi da su. Alƙali gwamnati ke biyansa, masu tahkimi kuwa aljihun masu rigima ne ke ɗaukarsu, har da kuɗin cibiyar da ke shirya tahkimi idan da cibiya. Alƙali yana iya janyo wanda bai sa hannu a kwantaragi ba, kamar mai kamiyon da ya ɗauki kayan. Mai tahkimi ikonsa ya tsaya kan waɗanda suka yarda da shi. Idan alƙalin farko ya yi kuskure akwai kotun ɗaukaka ƙara da za ta sake duba shari'ar tun daga tushe. Kuma idan bashin a bayyane yake, adadinsa sananne, lokacinsa ya yi, akwai gajeriyar hanyar neman umarnin biya daga kotu, wadda ta fi tahkimi sauƙi nesa. Bashin miliyan biyu tsakanin maƙwabta a kasuwa ɗaya bai cancanci tahkimi ba. Kuɗin zaman kaɗai zai cinye ribar.

Rigimar Alhaji daban ce. Akwai gardama kan ingancin kaya, wadda ke buƙatar wanda ya san aya. Kuɗin da yawa, kuma jarin kaka ne da ba zai jure shekarun ɗaukaka ƙara ba. Sannan babban dalili: hukuncin kotun Maraɗi ba shi da shimfiɗaɗɗiyar hanya zuwa dukiyar da ke Kano, alhali hukuncin tahkimi yana da ita.

Akwai abubuwan da ba a kai wa tahkimi ko kaɗan. Doka ta ce sai haƙƙin da mutum ke da ikon sarrafawa yadda ya so. Laifi, da tabbatar da aure ko nasaba, ba su ciki.

Rubuta sharaɗin

Rabin shari'ar a nan ake cinsa ko a faɗi. Yarjejeniyar tahkimi iri biyu ce: sharaɗin da ake sawa cikin kwantaragi tun babu rigima, da yarjejeniyar da ake ƙullawa bayan rigima ta tashi. Ta biyun wuya gare ta, domin wanda ke riƙe da kuɗin mutane ba ya gaggawar yarda da hanya mai sauri. Doka tana son a rubuce, ko ta wata hanyar da za a iya tabbatar da ita. Ciniki na baki da musafaha, wanda shi ne yawancin cinikin hatsi, ba ya barin abin da za a miƙa wa kotu ranar zartarwa. A rubuta, kowa ya sa hannu, kuma a duba cewa wanda ya sa wa kamfani hannu yana da ikon ɗaure kamfanin.

Sharaɗi mai kyau gajere ne, kamar wannan da za mu ɗauka shi ke cikin kwantaragin Alhaji: «Duk saɓanin da ya taso daga wannan kwantaragi ko ya shafe shi, masu tahkimi uku ne za su yanke shi hukunci na ƙarshe. Mazaunin tahkimi Maraɗi ne, Jamhuriyar Nijar. Dokar kasuwanci ta OHADA ce ke hukunta kwantaragin. Harshen zama Faransanci ne.» Mazauni ba wurin shan shayi ba ne kawai: shi ke nuna dokar da za ta tafiyar da zaman, da ƙasar da kotunanta kaɗai ke da ikon soke hukuncin. Ana iya yin zama ɗaya a Katsina don sauƙin shaidu, mazauni yana nan Maraɗi.

Yawan masu tahkimi ɗaya ne ko uku. Idan ba a faɗa ba, ɗaya ne. Uku sun ninka kuɗi, amma tunda babu ɗaukaka ƙara, a kan miliyan 40 sun fi kwanciyar hankali. Sai a zaɓa tsakanin tahkimin da ɓangarori ke shirya wa kansu da na cibiya. Akwai cibiyar sulhu da tahkimi ta Yamai da ke ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa, akwai kuma kotun OHADA da ke Abijan, CCJA, wadda ke da nata tsarin tahkimi da nata ƙa'idoji. Izinin zartarwar da ta bayar yana aiki a duk ƙasashe 17. Wanda ya zaɓi cibiya ya rubuta sunanta daidai yadda yake a takardunta. Sharaɗin da ya ambaci cibiyar da babu ita, ko ya ce «tahkimi ko kotun Maraɗi», rigima ce ta biyu aka shuka kafin ta farko ta tsiro.

Idan abokin rigima ya ruga kotu

A ce kamfanin ya riga Alhaji, ya kai ƙara kotu yana neman a mayar masa da miliyan 20. Alƙali ba zai janye da kansa ba. Doka ta hana shi tayar da maganar idan babu wanda ya tayar. Lauyan Alhaji ne zai ce akwai sharaɗin tahkimi, kuma ya faɗa tun farko, kafin ya shiga maganar yashi da danshi. Idan ya faɗa, dole kotu ta janye, sai fa in ba a riga an kafa masu tahkimi ba kuma sharaɗin ɓatacce ne ƙarara ko a fili bai shafi rigimar ba. Idan ya yi shiru ya shiga kare kansa, shari'ar ta zauna a kotu.

Sharaɗin bai rufe ƙofar kotu a kan gaggawa ba. Idan Alhaji ya ji kamfanin na shirin kwashe asusunsa na Maraɗi, yana iya neman alƙali ya ba da izinin riƙe kuɗin na wucin gadi, ba tare da an taɓa asalin rigimar ba. Wannan matakin sau da yawa shi ke bambanta mai hukunci a hannu da mai kuɗi a hannu.

Naɗi da zama

Alhaji zai aika wa kamfanin buƙatar tahkimi a rubuce, da sunan wanda ya naɗa. Kamfanin yana da kwana 30 daga karɓar takardar ya naɗa nasa, su biyun kuma suna da kwana 30 su zaɓi na uku. Idan wani ya noƙe, alƙali ne ke naɗawa bisa buƙatar ɗaya ɓangaren, don haka ƙin amsa takarda ba ya tsayar da komai.

Wanda ka naɗa ba wakilinka ba ne. Wajibi ne ya kasance mai zaman kansa, ya kuma bayyana duk alaƙar da za ta iya jawo shakku. A gari irin Maraɗi, inda manyan ƴan kasuwa suka haɗa surukuta da hannun jari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan Alhaji ya naɗa wanda suke tarayya a mangaza kuma aka ɓoye, ya ba kamfanin makamin rushe hukuncin da hannunsa. Wanda ya gano irin wannan alaƙa yana da kwana 30 daga ranar da ya gano ya nemi a cire mutumin.

Agogo yana fara tafiya ranar da na ƙarshe cikin masu tahkimi ya karɓi aikin. Idan yarjejeniya ba ta sa wani wa'adi ba, wata shida ne. A misalinmu na ukun ya karɓa ranar 10 ga Maris, wa'adi zai cika 10 ga Satumba. Ana iya ƙarawa da yardar ɓangarorin, ko da umarnin alƙali, amma a yi kafin ya cika kuma a rubuce.

Cikin zaman, ƙa'ida ɗaya ce ta fi kowace: duk abin da za a gina hukunci a kansa, sai kowane ɓangare ya gan shi ya samu damar amsawa. Takardar awo, rasit ɗin kwastan, hotunan buhunan, saƙonnin waya, rahoton wanda ya duba ayar, duka a miƙa kwafi ga ɗaya ɓangaren a ajiye shaidar isarwa. Kowace gayyatar zama haka. Mai gaskiya a hannu shi ya fi kowa buƙatar wannan tsantseni, domin shi ne zai yi asara in an soke. Kuma wanda ya ga an karya ƙa'ida ya yi shiru yana jiran ya ga inda hukunci zai faɗi, doka tana ɗaukarsa ya yafe.

Hukunci ya fito

Ranar 2 ga Satumba masu tahkimi, da rinjayen biyu, suka ce kamfanin ya biya miliyan 34. Sun rage miliyan 6 saboda buhunan da aka yi kuka da su. Na ukun ya ƙi sa hannu. Wannan ba ya ɓata komai, ana rubuta cewa ya ƙi, hukunci yana nan da ƙarfinsa.

Alhaji yana da dalilin jin haushi. Dokar kasuwanci ta OHADA ta ce aibin da ke bayyane ranar karɓar kaya, mai saye ya sanar da shi cikin wata ɗaya, in ba haka ba ya rasa haƙƙinsa. Kamfanin kuwa sai bayan kwana 45 ya yi magana. A kotu, wannan hujja ce mai kyau ta ɗaukaka ƙara. A tahkimi babu inda za a kai ta. Mai tahkimi ya fahimci doka a karkace, ya gaskata shaidar da bai kamata ba, ya ƙiyasta asara sama ko ƙasa: babu ɗaya cikin waɗannan da ke soke hukunci. Abin da ake iya gyarawa shi ne kuskuren lissafi ko na rubutu, ko wata buƙata da aka manta ba a yanke ba. Ana komawa ga masu tahkimin cikin kwana 30 daga sanar da hukuncin, su kuma su amsa cikin kwana 45.

Mayar da takarda kuɗi

Mai tahkimi ba shi da ikon aika kowa ya kama dukiya. Sai kotu ta ba da izinin zartarwa, wanda lauyoyi ke kira egzekwatur. Alhaji zai miƙa asalin hukuncin da yarjejeniyar tahkimin, ko kwafinsu da aka tabbatar. Idan ba da harshen aikin kotun aka rubuta su ba, a haɗa da fassarar mai fassara da kotu ta amince da shi. Ba a kiran ɗaya ɓangaren a wannan mataki, kuma alƙali ba ya sake buɗe rigimar; yana ƙi ne kawai idan hukuncin ya saɓa ƙarara wa manyan ƙa'idojin da ake kira tsarin jama'a na ƙasa da ƙasa. Yana da kwana 15. Idan suka wuce bai ce komai ba, ana ɗauka ya bayar, sai a je wurin babban magatakardan kotu ya buga hatimin zartarwa. Saboda haka a riƙe rasit mai kwanan watan da aka ajiye buƙatar.

Da hatimi ya hau, a sa usiye, jami'in isar da takardun shari'a, ya kai wa kamfanin hukuncin nan take. Daga ranar isarwar ne ake ƙirga wata ɗaya na neman sokewa. Wanda ya ajiye hukunci a aljihun tebur ya bar wa abokin rigimarsa ƙofa a buɗe.

Kama kuɗin banki ya fi kama kaya sauri. Usiye yana miƙa wa bankin takardar kamu, ya sanar da mai asusun cikin kwana takwas, in ya wuce kamun ya faɗi. Mai asusun yana da wata ɗaya ya yi jayayya. A ce an samu miliyan 12 a nan. Sauran 22 suna Kano.

A nan yarjejeniyar New York ta 1958 kan zartar da hukuncin tahkimin da aka yanke a wata ƙasa ke shigowa, wadda Nijar ta shiga a 1964, Nijeriya a 1970. Lauyan Alhaji a Nijeriya zai kai wa babbar kotu hukuncin da yarjejeniyar da fassararsu ta Ingilishi, ƙarƙashin dokar tahkimi da sulhu ta Nijeriya ta 2023. Kotun can ma ba ta sake shari'ar aya. Tana iya ƙin zartarwa a kan dalilai ƙidayayyu masu kama da na sokewa, amma ba ta da ikon soke hukuncin da aka yanke a Maraɗi.

Ƙofofi shida na sokewa

Kamfanin ya shigar da buƙatar sokewa a Nijar. Dokar OHADA ta bar wa kowace ƙasa ta nuna kotun da ke karɓar wannan buƙata, kuma kai ta kotun da ba ita ba yana iya cinye watan gaba ɗaya. Shigar da ita yana dakatar da zartarwa, sai in masu tahkimi sun ba da umarnin a zartar ko da an yi jayayya. Ba sa bayarwa haka kawai. Alhaji ya nema tun cikin buƙatunsa, ya kawo dalili.

Dalili na farko: an yi hukunci babu yarjejeniya, ko yarjejeniyar ɓatacciya ce, ko wa'adinta ya ƙare. Da hukuncin nan ya fito 25 ga Satumba ba tare da ƙarin wa'adi ba, da kamfanin ya samu abin riƙewa. Cewa kwantaragin cinikin kansa ɓatacce ne ba ya wadatarwa, domin doka ta raba sharaɗin tahkimi da sauran kwantaragin. Na biyu: an kafa masu tahkimi ba bisa ƙa'ida ba, kuma nan ne ɓoyayyiyar alaƙa ke faɗowa. Na uku: sun fita daga aikin da aka ba su, kamar a nemi miliyan 40 su ba da 45, ko su ajiye doka su yi hukunci da abin da suka ga ya dace alhali ba a ba su wannan iko ba.

Na huɗu shi ya fi kama mutane: ba a ba wani ɓangare damar kare kansa ba. A ce shugaban masu tahkimi ya bi ta kasuwa shi kaɗai, ya tambayi wani dillali nawa ake rage wa buhu mai yashi, ya gina ragin miliyan 6 a kan amsar ba tare da ya sanar da kowa ba. Niyyarsa tana iya zama mai kyau, farashin ma daidai, amma babu wanda ya samu damar musanta dillalin, kuma wannan ya isa. Kamfanin da aka gayyata da shaidar isarwa ya ƙi zuwa kuwa ba shi da wannan kuka. An ba shi dama, shi ya bari.

Na biyar: hukuncin ya saɓa wa tsarin jama'a na ƙasa da ƙasa, kamar ya tilasta biyan cin hanci ko cika cinikin haramtattun kaya. Duk wanda ya faɗi yana son cusa kukansa ta nan, amma kuskuren amfani da doka bai kai wannan matsayi ba. Na shida: hukuncin ba shi da dalili ko kaɗan. Dalili mai rauni dalili ne. Shafi biyu da suka bayyana yadda aka kai ga miliyan 34 sun rufe wannan ƙofar.

Kotun tana da wata uku ta yanke. Idan ta wuce, shari'ar ta fita hannunta, ana iya kai ta CCJA cikin kwana 15 masu bi, ita kuma tana da wata shida. Abin da kotun ƙasa ta yanke kan sokewa, CCJA kaɗai ake ƙalubalantarsa. Idan an ƙi sokewa, hukuncin da izinin zartarwarsa sun tabbata. Idan an soke, kotu ba ta ce kamfanin ya yi gaskiya ba, ba ta kuma yanke rigimar da kanta. Sai a sake sabon tahkimi daga farko, in ba rashin ikon masu tahkimi ne dalilin sokewar ba.

Dokar 2017 ta yarda ɓangarori su yafe haƙƙin neman sokewa tun cikin yarjejeniya, muddin hukuncin bai saɓa wa tsarin jama'a na ƙasa da ƙasa ba. Manyan kamfanoni sukan saka wannan layi a kwantaraginsu da aka riga aka buga. Ɗan kasuwar da bai san waɗanda za su zauna masa ba, ko wanda ba shi ya rubuta sharaɗin ba, ya nemi a goge layin kafin ya sa hannu.